Buhu 60 da aka bari a kusurwa: yadda ƙwari suka ci masarar wani sito a yankin Saminaka

A tsakiyar watan Afrilu wani mai sayen masara don masana'antar abincin kaji ya je siton wata ƙungiyar manoma a yankin Saminaka, cikin ƙaramar hukumar Lere ta jihar Kaduna, da niyyar ɗaukar buhu 200. Ya soka ƙarfen ɗiban samfuri a buhu kaɗan, ya zuba abin da ya fito a tafin hannu, ya ga ƙwari masu rai suna tafiya a cikin gari, sai ya ce ba zai saya a farashin da aka yi magana ba. Shugabannin ƙungiyar sun yi mamaki ƙwarai, domin a watan Fabrairu sun sayi magani an saka, kuma masarar ta bana ce, an shanya ta sosai kafin a zuba a buhu. Abin da ya fara zuwa bakinsu shi ne maganin jabu ne.

Na sakaya sunan ƙungiyar, kuma adadin buhunan da zan ambata na wannan sito ne kaɗai. Amma hanyar da ɓarnar ta bi ita ce wadda ake gani a situna da yawa, kuma ta ratsa kusan duk abin da ake tambayar ɗalibi a jarrabawar ajiyar abinci: nau'o'in ƙwari, tsaftar sito, jera buhu, da ƙa'idar fitar da kaya. A takardar jarrabawa waɗannan tambayoyi ne daban-daban. A cikin sito kuwa kowannensu na rataye ne da ɗan'uwansa, kuma abin da nake so in nuna ke nan.

Yadda siton yake

Ginin bulo ne mai rufin kwano da daɓen siminti, ƙofarsa ɗaya ce a gaba. A farkon Nuwamba, kafin sabuwar masara ta fara shigowa, akwai ragowar buhu 60 na bara da ba a sayar ba saboda ana jiran farashi ya tashi. Suna can a kusurwar baya, a ƙasa ba katako, sun jingina da bango. Ba a fitar da su ba, ba a share bayansu ba, domin ba yadda tsintsiya za ta shiga.

Buhu 200 na farko da mambobi suka kawo a Nuwamba, 'yan dako suka jera su a jikin tsofaffin nan, buhu na taɓa buhu. A Disamba aka kawo 300 aka ɗora a gabansu, a Janairu wasu 300 suka cike wurin har kusa da ƙofa. Jimilla buhu 860 ke nan, kowane kilo 100, wato tan 86. Da aka fara sayarwa, sai aka riƙa ɗauka daga bakin ƙofa, tunda nan ne hannu ke kaiwa. Zuwa Afrilu, na Janairu saura 40, na Disamba saura 240, na Nuwamba da na bara kuwa ko buhu ɗaya bai motsa ba. Wanda ya zo ƙarshe shi ya fara fita, ba don wani ya yanke hakan ba, sai don yadda aka jera kayan bai bar wata hanya ba.

Abin da rariya ta nuna

Jami'ar, wato ma'aikaciyar da aka kira ta duba siton, ba ta fara da tambayar magani ba. Ta sa aka buɗe hanya zuwa baya, ta ɗebi samfuri daga sama da tsakiya da ƙasan kowane tari, ta ajiye na kowane tari daban, ta tankaɗe kilo ɗaya-ɗaya a kan farar takarda. A masarar bara, takardar ta cika da gari da ƙwari iri biyu, ga wani wari mai hawa kai, kuma idan aka cusa hannu tsakanin buhunan ana jin ɗumi. A ta Nuwamba ƙwari sun yi yawa a ɓangaren da ke manne da tsohuwar, suna raguwa yayin da ake matsowa gaba. A ta Disamba ɗai-ɗai ne. Wannan raguwa daga baya zuwa gaba ita ce hujja mafi ƙarfi a duk binciken. Da daga gona ƙwarin suka taho da yawa, da an same su a warwatse cikin kowane tari, gwargwadon gonar da buhun ya fito. Tunda sun taru a kusurwa guda suna bazuwa, to a nan gidansu yake.

Ƙwaro na farko shi ne mai dogon baki, baƙi-baƙi, tsawonsa milimita 3 zuwa 4, da ɗigo huɗu masu ja-ja a bayansa. Shi ne ƙwaron masara, wanda masana ke kira Sitofilus. Macen tana huda ƙwayar masara da bakinta, ta saka ƙwai ɗaya, ta toshe ramin da wani abu mai danƙo, har ido ba ya ganin wurin. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa a ciki, ta ci a ciki, ta rikiɗe a ciki, sai ta zama cikakken ƙwaro sannan ta huda ta fito. A zafin digiri 27 zuwa 30 da iska mai laima, wannan zagaye yana ɗaukar kwana 30 zuwa 35, kuma mace ɗaya na iya saka ƙwai 300 ko fiye a cikin watannin rayuwarta. Ma'anar wannan ga mai sito ita ce, ramin da ya gani a jikin masara ba farkon ɓarna ba ne, ƙofar da ƙwaro ya fita ce bayan ya gama ci. Masarar da ke da kyau a ido tana iya ɗauke da ƙwai da tsutsa. Shi ya sa jami'ar ta zuba wani ɓangare na samfurin Disamba a kwalba, ta rufe bakin da ƙyalle ta ajiye, don ta ga abin da zai fito cikin makonni masu zuwa.

Na biyu ƙaramin ƙwaro ne ja, mai shafaffen jiki, ba shi da dogon baki, mai saurin gudu. Shi ne jan ƙwaron gari, Tiriboliyum. Ba ya iya huda lafiyayyar ƙwaya, sai dai ya ci fasasshiya da gari da abin da na farko ya riga ya buɗe. Shi ne mai sa warin nan, saboda wani sinadari da yake fitarwa daga jikinsa. Nan ne asalin rabon da ake yawan tambaya, tsakanin ƙwarin farko da ƙwarin biyu. Na farko su ne masu iya cin ƙwayar da ba ta fashe ba: ƙwaron masara da ɗan'uwansa na shinkafa, ƙaramin mahudin hatsi, babban mahudin hatsi, ƙwaron wake, da asun hatsi mai saka tsutsarsa cikin ƙwaya. Na biyu su ne masu bin baya: jan ƙwaron gari, ƙwaro mai haƙoran zarto a gefen ƙirji, da asun sito wanda tsutsarsa ke barin yana kamar ta gizo-gizo a saman buhu. Ɗalibai kan haddace jerin su wuce, alhali amfaninsa a aiki ya fi haddar. Idan ka tankaɗe hatsi ka ga na biyu sun yi yawa, hatsin yana faɗa maka ɗayan abu biyu: ko dai ɓarnar ta daɗe, ko kuwa akwai fasassun ƙwayoyi da dusa da shara da yawa a wurin. A wannan sito duka biyun sun tabbata.

Jami'ar ta kuma duba katakan rufi da 'yan katakan da ke ƙarƙashin wasu buhuna tana neman ƙananan ramuka da tarin gari mai laushi. Abin da take tsoro shi ne babban mahudin hatsi, wanda asalinsa daga Amurka ta Tsakiya yake, ya ɓulla a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, sannan a Togo a farkon shekarun 1980, ya bazu a Afirka ta Yamma. Shi yana huda itace ya ɓuya a ciki, saboda haka ko an kwashe hatsi duka yana nan yana jiran na gaba. Ba a same shi a nan ba, kuma hakan ya sauƙaƙa aikin sosai.

Me ya sa sai a Afrilu abin ya fito fili, bayan tun Nuwamba buhunan ke manne da juna? Sanyin hunturu da bushewar iska suna rage saurin haihuwar ƙwari, ba sa kashe su. Daga Disamba zuwa Janairu suna nan suna ƙaura a hankali daga tsohon tari zuwa sabo. Da zafin Maris ya shigo, zagayen rayuwarsu ya gajarta. A ƙaddara kowane zubi ya ninka sau 10 kacal: ƙwaro 100 zai zama 1,000 a wata guda, ya zama 10,000 a wata na biyu. Ga kuma abin da suke yi wa tarin da kansu. Numfashinsu yana fitar da zafi da danshi, wurin ya ƙara yi musu daɗi, danshin kuma ya jawo fumfuna, har da irin wadda ke haifar da gubar afalatoksin. Na'urar auna danshi ta nuna kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari a masarar Disamba, wanda ya yi daidai da abin da ake so, domin iyakar da aka saba bayarwa ga masara ita ce kashi 13 ko ɗan sama kaɗan. A cikin tsohon tarin kuwa, musamman buhunan da ke kan siminti da jikin bango, ta haura 15.

Lissafin asara

Domin ƙungiyar ta san abin da ta rasa, an yi amfani da hanyar ƙirgawa da aunawa. Daga samfurin Nuwamba aka ƙirga ƙwaya 1,000, aka ware masu rami daga lafiyayyu. Lafiyayyu 880 ne, nauyinsu giram 264. Masu rami 120 ne, nauyinsu giram 27. Kowace lafiyayyar ƙwaya ke nan tana da giram 0.3, don haka da duka dubun lafiya suke da nauyinsu ya kai giram 300. Abin da ke hannu 291 ne. An rasa giram 9 cikin 300, wato kashi 3 cikin ɗari. A littattafai ana rubuta shi haka:

```
% = (Wu × Nd − Wd × Nu) ÷ (Wu × (Nd + Nu)) × 100
```

inda Wu da Nu suke nauyi da adadin lafiyayyu, Wd da Nd kuma na masu rami. Kashi 3 na tan 20 kilo 600 ne, buhu 6 cif.

A lura da bambancin da ke kayar da ɗalibai da yawa: ƙwayoyin da suka lalace kashi 12 ne, nauyin da aka rasa kashi 3 ne. Ba abu ɗaya ba ne. Mai saye kuma kashi 12 ɗin yake gani da idonsa, da ƙwari masu rai, a kansu yake karya farashi, shi ya sa asarar kuɗi ta fi buhu 6 nesa ba kusa ba. Hanyar tana da iyakarta: ba ta ganin tsutsar da ke ɓoye cikin ƙwayar da aka ƙirga a matsayin lafiyayya, kuma idan ɓarna ta yi tsanani har wasu ƙwayoyi sun zama gari gaba ɗaya, ba abin da za a ƙirga, sai lissafin ya nuna ƙasa da gaskiya. Saboda haka ba a dogara da ita a kan masarar bara ba, sai aka ɗora buhunan a sikeli bayan an tankaɗe.

Maganin Fabrairu

Maganin ba jabu ba ne. Ƙwayar fostoksin ce, wadda ke fitar da iskar fosfin idan ta haɗu da laimar iska. Kowace ƙwaya mai giram 3 tana ba da giram 1 na iskar. Abin da mai kula da siton ya yi shi ne, ya ƙulla ƙwayoyin a tsumma, ya cusa tsakanin buhunan da hannunsa ke kaiwa, ya kulle ƙofa kwana biyu. Ba tamfol, kuma tsakanin bango da rufin kwano akwai sarari da tsuntsu ma ke shiga. Da aka buɗe, an ga matattun ƙwari a ƙasa, kowa ya yarda aiki ya yi.

Fosfin iska ce, ba ta aiki sai an tsare ta a wuri ɗaya na tsawon lokaci. Manyan ƙwari da tsutsa suna mutuwa da wuri, amma ƙwai da wanda ke tsakiyar rikiɗa numfashinsu kaɗan ne, don haka suna jurewa. Dole iskar ta zauna har su matsa zuwa matakin da za ta kama su, shi ya sa ake cewa kada a buɗe kafin kwana 5 a lokacin zafi, kuma 7 ya fi. Ƙara yawan ƙwayar magani ba ya maye gurbin kwanakin. Abin da ya faru a Fabrairu shi ne an kashe na waje, na cikin ƙwayar masara suka tsira, bayan wata guda suka fito. Akwai illar da ta fi wannan: turarawa rabi-rabi irin wannan, idan ana maimaita ta, ita ce ke tace ƙwarin da ke jure fosfin su yaɗu, kuma an riga an tabbatar da irin wannan juriya a ƙasashe da dama. Ga haɗari ga mutane, domin fosfin na kisa, kuma a wancan makon mai gadi yana kwana a rumfar da ke jikin bangon. Warinta kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi ne, amma ba a dogara da hanci wajen sanin ko wuri ya yi lafiya.

Wani daga cikin mambobi ya kawo shawarar a yayyafa fiya-fiya a kan masarar a huta. Jami'ar ta ƙi, kuma ta yi daidai. Dikulobos da ke cikinsa ba a yi shi don a cuɗa da abincin da za a ci ba. Ragowar wannan sinadari ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015.

Gyaran da aka yi

An fara da tsohon tari. An fitar da buhu 60 ɗin waje, nesa da ƙofa, aka tankaɗe, aka ware waɗanda fumfuna ta kama aka binne su, domin abin da zai cutar da mutum zai cutar da kaza da saniya, gubar kuma tana iya biyowa ta madara. Sauran aka sake shanya su, aka turara su daban. Abin da aka samu a bayansu ya isa darasi: zubabben hatsi da ya cika tsagar daɓe, kashin ɓera, tarin tsofaffin buhuna da ba a kakkaɓe ba, da buhun taki guda 3 da galan na maganin feshi. Taki da maganin gona ba su da wuri a ɗakin da abinci yake, ko da a kusurwa ne.

Shara tana da tsari, daga sama ake farawa: katakan rufi, saman bango, jikin bango, sannan daɓe, daga baya zuwa ƙofa. Abin da aka share ba a tara shi a bakin ƙofa, ƙonawa ake yi ko binnewa a ranar, domin ƙwaron masara yana tashi sama, zai koma inda ya fito. An cike tsagogin daɓe da bango da siminti, saboda 'yar tsaga mai ɗauke da cokali ɗaya na hatsi ta isa ta riƙe ƙwari daga kaka zuwa kaka. A wurare masu zafi da bushewa, irin su arewacin Kano da Damagaram da Sudan, wannan ya fi muhimmanci, domin tsutsar wani ƙwaron hatsi da ake kira kafra tana iya shiga tsaga ta kwanta fiye da shekara ba ci ba sha. An sa raga a sararin da ke ƙarƙashin rufi, an toshe ƙasan ƙofa da ƙarfe, tunda ƙaramin ɓera na wucewa ta ramin milimita 6. An nome ciyawar da ke kewaye da ginin. Tsofaffin buhuna kuma aka juya cikinsu, aka kakkaɓe, aka sa su ƙarƙashin tamfol tare da kayan da za a turara.

Daga nan aka sake jera komai. Kowane zubi ya zama tari mai zaman kansa a kan katako, ba buhun da ke taɓa siminti. An bar mita 1 tsakanin tari da bango, mita 1 tsakanin tari da tari, da sarari a sama yadda mutum zai iya hawa ya yi aiki ba tare da ya taɓa rufi ba, ga babbar hanya daga ƙofa har bangon baya. Ana jera buhunan a sarƙe, layin sama ya gitta na ƙasa, kuma da yake buhun roba yana da santsi ba a wuce tsayin mita 3 ba. Shugaban ƙungiyar ya yi ƙorafin cewa an ɓata wuri, siton da ke cin buhu 860 yanzu ba zai ci haka ba. Gaskiya ne. Amma wannan mita ɗaya ita ce hanyar tsintsiya, ita ce hanyar mai dubawa da fitilarsa, a nan gefen tamfol ke kwanciya, kuma ta nan ɗan dako zai bi ya ɗauko buhun da ya fi daɗewa. Sito mai ƙofa ɗaya da ba shi da hanya a tsakiya kamar rijiya yake, abin da ke sama kaɗai ake ɗiba.

Turarawar ta biyu ma'aikaci mai horo da lasisi ne ya yi ta. An rufe kowane tari da tamfol marar huda wanda iska ba ta ratsa shi, aka danne gefensa a kan daɓe da dogayen jakunkunan yashi layi biyu, kowace tana hawa kan ta kusa da ita. Takardar maganin ta ba da ƙwaya 3 ga kowane tan, don haka tarin Nuwamba mai tan 20 ya ci ƙwaya 60. An baza su a kan faranti ƙarƙashin tamfol, ba a tara su wuri ɗaya ba, ba a bar ruwa ya taɓa su ba, domin hakan na iya tayar da wuta. A ranar aka fesa wa bango da daɓe maganin da aka amince da shi don sito, saboda waɗanda ke waje da tamfol. An kulle, an manna gargaɗi, an ɗauke mai gadi daga jikin ginin, sai bayan kwana 7 aka buɗe aka bar iska ta ratsa, aka auna da na'ura kafin kowa ya shiga aiki. Farar tokar da ƙwayoyin maganin suka bari an kwashe an binne. Abin da mai sito ya kamata ya riƙe shi ne fosfin ba ta barin kariya ko kaɗan. Ranar da aka yaye tamfol, hatsin a buɗe yake ga duk ƙwaron da ya rage a ɗakin, shi ya sa shara ta riga turarawa.

Wanne zai fara fita

Ƙa'idar da aka sani ita ce wanda ya fara shiga shi zai fara fita, ma'aikatan sito na ce mata fifo. Dalilinta a fili yake bayan abin da muka gani: kowane wata da buhu ya ƙara a ajiye, ƙwari sun sami zarafin ƙarin zubi ɗaya. Amma ba ta tafiya da baki. Sai an rataya wa kowane tari kati mai ɗauke da ranar shigowa, inda kayan suka fito, adadin buhu, danshin da aka auna, ranar turarawa, da abin da aka fitar da abin da ya rage. Kuma ba a ɗora sabon kaya a kan tarin da aka fara ɗiba, sai an ƙarar da shi an share wurinsa.

A wannan sito tsarin fitarwar ya kasance haka: ragowar ta bara da ta tsira, sannan ta Nuwamba. Daga nan sai aka saɓa wa fifo da gangan. Buhu 40 na Janairu sun riga 240 na Disamba fita, ko da yake su ne ƙarshen shigowa, saboda injin da ya casa su ya farfasa ƙwayoyi da yawa, kuma masara mai yawan fashi ba ta jure ajiya, musamman ga damina na ƙaratowa. Wannan ita ce ƙa'ida ta biyu, fefo: wanda zai riga lalacewa shi zai riga fita. A kayan da aka sarrafa, kamar garin masara ko man girki, ranar ƙarewar da ke jikin kaya ce ke yanke hukunci, ko da kayan jiya suka iso. A ɗanyen hatsi da ba shi da irin wannan rana, yanayinsa ne ke yankewa: danshi, yawan fashi, da tarihin ƙwari. Idan tambayar jarrabawa ta ba ka kaya biyu masu yanayi ɗaya, amsar fifo ce. Idan ta ba ka ranar ƙarewa ko ta nuna ɗaya ya fara samun matsala, amsar fefo ce. Akwai kuma iyaka ta uku da ke sama da duka biyun: kayan da ke da ƙwari masu rai ba a tura su wani sito ko a loda su mota ɗaya da lafiyayyu don kawai layinsu ya zo. Ana ware su, a magance, sannan su fita.

Kwalbar da jami'ar ta ajiye ta ba da amsa a mako na uku, ƙwari suka fara fitowa daga masarar Disamba da ido ya ce lafiya take. Wannan ya tabbatar da cewa turara ta da aka yi tare da sauran ba ɓarnar kuɗi ba ce.

Ƙungiyar ta tsayar da cewa daga yanzu za a riƙa share daɓe kullum, a zagaya kowane tari sau ɗaya a mako, da yamma lokacin da asu ke tashi, a kuma tankaɗe samfuri duk wata a rubuta a kati. Duk buhun da mamba ya kawo za a duba shi a bakin ƙofa kafin ya shiga. Wanda ba shi da na'urar auna danshi yana iya gwajin gishiri: a zuba busasshen gishiri da hatsi a busasshiyar kwalba, a girgiza, a bar ta ta ɗan zauna, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, danshin ya kai wajen kashi 15 ko fiye, sai a koma shanya. Abin da kuma ake so a riƙe har damina don jiran farashi, za a zuba shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007 don wake. A cikinsa ƙwari ke shanye iskar da ke akwai su mutu, ba tare da magani ba. Sharaɗinsa shi ne hatsin ya bushe sosai kafin a ɗaure, a ɗaure kowace leda daban, a kuma tsare shi daga ɓera, domin huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Ƙarfen ɗiban samfuri ma ba ya taɓa irin wannan buhu, sai dai a kwance baki a duba a sake ɗaurewa nan take.